Ina Tsofaffin Hirarrakina Suka Shiga? Yadda Ake Bin Sawun Saƙonni Bayan Canza Waya, Layi Ko Imel

Mutum ya yi sabuwar waya, ya saka layinsa, ya buɗe manhajar hira, sai ya tarar da fili fetal. Hotonsa na nan, sunansa na nan, amma saƙonnin shekara da shekaru babu ko ɗaya. Abin da yakan fara zuwa ransa shi ne an yi masa kutse, ko kamfani ya goge masa komai. A mafi yawan lokuta ba ɗaya daga cikin biyun. Saƙonnin suna nan inda aka ajiye su tun farko, sai dai mutumin ya zo da wata shaida daban da wadda aka ajiye su da ita, manhajar kuwa ba ta san fuska ba, lamba da adireshi kawai ta sani.

Asarar gaske ta fi aukuwa ne bayan an ga filin, lokacin da hankali ya tashi aka shiga danne-danne: a goge manhaja, a sake saukewa, a share tsohuwar waya a bayar da ita, a kunna ajiya ba tare da an duba ba. Don haka kafin komai, ka bar tsohuwar waya yadda take. Kada ka goge manhajar da ke cikinta, kada ka mayar da ita sabuwa, kada ka cire asusun Google ko na Apple da ke kanta. Kuma ko a wace waya, kada ka kusanci Delete account, domin a WhatsApp wannan maɓalli yana tafiya ne har da ajiyar da ke Google, kuma ba a dawo da abin da ya share.

Farko: a ina manhajarka take ajiye hira?

Manhajojin hira gida biyu ne, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Gida na farko suna ajiye saƙonni a rumbun kamfani. Telegram haka yake a hirarrakinsa na yau da kullum, haka ma yawancin shafukan da ake shiga da imel da kalmar sirri. A irin waɗannan, wayar taga ce kawai da kake leƙa abin da ke can. Ka shiga asusunka daga kowace na'ura, za ka ga komai. Idan ba ka gani ba, to kusan ko yaushe wani asusun ka shiga.

Gida na biyu suna ajiye saƙonni a cikin wayar kanta. WhatsApp da Signal nan suke. Tun 2016 WhatsApp ya kammala kulle saƙonni daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kuma da zarar saƙo ya isa wayarka kamfanin ba ya riƙe kwafinsa. Wanda bai isa ba ne kawai yake jira a rumbunsu, shi ma kwana 30 ne iyakarsa. Ma'ana, babu wani ma'aikacin WhatsApp da za ka rubuta wa ya turo maka hirar bara, domin ba ta hannunsu. Tana cikin tsohuwar wayarka, ko cikin kwafin ajiyar da wayar ta aika zuwa Google Drive idan Android ce, ko iCloud idan iPhone ce.

Zan fi daɗewa a kan WhatsApp, saboda a nan ne abubuwa uku suke haɗuwa su ruɗa mutane: lambar waya, asusun imel, da nau'in wayar. Sunayen maɓallan da zan ambata suna ɗan sauyawa daga wannan fitowa ta manhajar zuwa waccan, amma wurarensu ba sa nisa da juna.

Makulli biyu na ajiyar WhatsApp

Ajiyar WhatsApp kamar akwati ce mai kwaɗo biyu. Makulli ɗaya shi ne lambar wayar da aka yi ajiyar da ita, ɗayan kuma asusun Google ko na Apple da aka ajiye a cikinsa. Sai an zo da duka biyun a lokaci guda take buɗuwa. Wanda ya zo da lambarsa ta da amma da sabon Gmail, manhajar za ta leƙa cikin sabon asusun, ta ga babu komai, ta wuce ba tare da ta ce masa uffan ba a kan ajiyar da ke wancan asusun. Wanda kuma ya zo da tsohon Gmail amma da sabon layi, ita ma ba za ta nuna masa ba, don ajiyar tana ɗauke da sunan tsohuwar lamba.

Akwai wani imel ɗin da ke ƙara dagula lissafi. A cikin Settings > Account akwai wurin da aka rubuta Email address. Wannan na karɓar lambar tantancewa ne idan saƙon tes ya ƙi zuwa, ba shi da alaƙa da ajiya. Mutum zai iya saka tsohon imel ɗinsa a nan sau goma, hira ba za ta dawo ba. Imel ɗin da ke da ruwa da tsaki shi ne wanda aka rubuta a Settings > Chats > Chat backup, a ƙarƙashin Google Account.

Wani abin kuma shi ne lokaci. WhatsApp sau ɗaya yake tayin dawo da hira, wato lokacin da aka fara saita shi, jim kaɗan bayan an saka lambar tantancewa mai lamba 6. A nan allon Restore yake fitowa. Idan aka danna Skip, ko allon bai fito ba sam, babu wani maɓalli a cikin saiti da za a je a danna daga baya. Sai an cire manhajar an sake saka ta. Wannan tsari, a ganina, shi ne ya fi kowane abu jawo wa mutane asara, don lokacin da ake tayin shi ne lokacin da mutum yake ɗoki ya ga sabuwar wayarsa ta fara aiki.

Misali daga farko har ƙarshe

A ce wata mata ta yi shekara huɗu da waya Android. Ta yi sabuwa, ita ma Android, layinta bai canza ba. Wanda ya saita mata wayar ya tambaye ta kalmar sirrin Gmail ɗinta, ta ce ta manta, shi kuma don a gama da wuri ya buɗe mata sabon asusu. An saka WhatsApp, lambar tantancewa ta zo, aka shiga. Allon Restore bai fito ba. Ta yi kwana tara tana amfani da wayar a haka tana zaton a hankali saƙonnin za su sauko.

Alamomin da ke gabanta sun isa su faɗi abin da ya faru. Hotonta da bayanin da ke ƙarƙashin sunanta suna nan, kuma ba a cire ta daga ko wane zaure ba: duk zauren da aka yi magana a ciki yana bayyana, sai dai daga sabon saƙo yake farawa. Wannan ya nuna asusun WhatsApp ɗin shi ne nata na da, tunda waɗannan abubuwa a rumbun kamfani suke kuma lamba suke bi. Alama ta biyu ta fi ƙarfi: mutane suna turo mata saƙo tana ganin lambobi tsirara babu sunaye. Sunayen abokan hulɗa a Android galibi a asusun Google suke zama. Idan sunaye da hira suka ɓace tare, to kusan tabbas Gmail ne ya canza.

Ga yadda za a bi.

Mataki na farko, a gano tsohon adireshin. Idan tsohuwar waya tana kunnuwa, a buɗe Play Store ko Gmail a cikinta, a danna hoton da ke kusurwar sama, adireshin zai fito. Wani lokaci za a ga asusu biyu ko uku, a rubuta duka harafi bayan harafi. Idan wayar ta mutu ko an sace ta, a shafin shiga na Google akwai Forgot email? wanda yake nemo adireshi ta lambar wayar da aka taɓa haɗawa da shi, tare da sunan da aka buɗe asusun da shi.

Mataki na biyu, a dawo da kalmar sirri ta wannan shafi:

```
accounts.google.com/signin/recovery
```

An fi samun nasara idan aka yi shi a na'urar da aka saba shiga asusun da ita, domin Google yana la'akari da hakan. Ga wani dalilin da ya sa ba a gaggawar rabuwa da tsohuwar waya.

Mataki na uku, a tabbatar akwai ajiyar kafin a taɓa komai. A ƙara tsohon asusun a sabuwar waya ta saitin wayar, wurin asusu, Add account, sannan Google. A buɗe manhajar Drive, a tabbatar an koma kan tsohon asusun, a danna layuka ukun nan na gefe, a zaɓi Backups. Ajiyar WhatsApp ba ta fitowa a cikin fayiloli na yau da kullum, shi ya sa mutane da yawa suke lalube cikin foldoji su ce babu. A Backups za a gan ta da sunan WhatsApp da lambar waya da ranar da aka yi ta. Ba a iya buɗe ta a karanta, amma ganinta ya wadatar. A duba abu biyu: lambar ta yi daidai da layin da ke hannu, kuma ranar ta kusa da ranar da aka bar tsohuwar waya. A misalinmu, a ce ranar ta nuna daren da ya gabaci canjin. Hirarta na nan lafiya lau.

Wani abin ban mamaki a nan: kuskuren da aka yi mata shi ne ya tsare mata ajiyar. Google kwafi ɗaya tak yake riƙewa na kowace lamba a kowane asusu, kuma kowace sabuwar ajiya tana hawa kan ta baya ta shafe ta. Da a ce da tsohon Gmail aka saita wayar, aka danna Skip, aka kuma bar ajiya tana tafiya kullum, da ajiyar kwana ɗaya mai saƙo ashirin ta maye gurbin ta shekara huɗu. Tunda sabon asusu aka yi amfani da shi, duk ajiyar kwana taran can ta tafi, tsohuwar ba a taɓa ta ba. Daga wannan za ka ga tarkon da ke gaba: yanzu da ta ƙara tsohon asusun a wayar, kada ta shiga Chat backup ta mayar da Google Account kan tsohon adireshi ta danna Back up tana zaton hakan zai jawo hirar. Wannan maɓalli turawa yake yi, ba ya jawowa. Dannawa ɗaya ta isa ta shafe abin da ake nema. Duk wanda ya riga ya danna Skip alhali yana kan asusunsa na da, ya garzaya Chat backup yanzu ya kashe ajiya ta atomatik kafin dare ya yi.

Mataki na huɗu, a yanke shawara a kan saƙonnin kwana tara. WhatsApp ba ya haɗa tarihi biyu. Idan aka dawo da tsohuwar ajiya, wayar za ta koma yadda take a ranar da aka yi ajiyar, abin da ya shigo tsakani ba zai bayyana ba. Hanyar tsira ita ce a buɗe kowace hira mai muhimmanci, a danna ɗigo uku, More, sannan Export chat, a tura wa kai ta imel. Fayil ne na rubutu da za a iya karantawa, amma ba a iya mayar da shi cikin manhajar. Hotuna da takardun da aka turo a kwanakin nan kuma a kwafe su zuwa wata folda daban ko kwamfuta, saboda cire manhaja yakan tafi da foldarta. Wannan asarar tana ƙaruwa kullum, don haka wanda ya gano matsalar a rana ta biyu ya fi wanda ya kai wata biyu sauƙin zaɓi.

Mataki na biyar, a cire WhatsApp. Idan wayar ta tambaya ko a riƙe bayanan manhajar, a ce a'a, in ba haka ba za ta dawo da kai inda ka baro. A sake saukewa daga Play Store, a saka lambar da aka gani a Backups, a saka lambar tantancewa. Idan ta nemi izinin duba abokan hulɗa da fayiloli, a ba ta, domin ƙin bayarwa yana iya hana ta gano ajiyar. Idan ta nemi a zaɓi asusu, a zaɓi tsohon. Allon Restore zai nuna rana da girman ajiyar. A karanta su tukuna. Ajiyar shekara huɗu mai hotuna a gigabait ake lissafa ta, idan aka ga 'yan megabait kaɗan da ranar jiya, to ta sabon asusu ce ta fito, kada a danna. A irin wannan hali a cire sabon asusun daga wayar na ɗan lokaci, bayan an tabbatar an san kalmar sirrinsa, a sake gwadawa daga farko.

A yi wannan aiki a kan waifai mai ƙarfi, waya na jone da caji, kuma da isasshen fili a cikinta. Rubutu ne yake fara saukowa, hotuna da saƙonnin murya su biyo baya a hankali, wani lokaci har sa'o'i. Idan bidiyoyi ba su dawo ba, ba lalacewa ba ce: akwai maɓallin Include videos a Chat backup, in ba a taɓa kunna shi ba to ba a taɓa ajiye su ba. Kuma kada a yi ta maimaita cirewa da sakawa babu lissafi, domin yawan neman lambar tantancewa yana sa a dakatar da kai na tsawon sa'o'i.

Idan Backups ya nuna babu komai, ko ya nuna tsohuwar rana

Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato. Daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta fara cin wuri a cikin gigabait 15 da Google yake bayarwa kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa. Wanda wurinsa ya cika, ajiyarsa ta tsaya tun ranar da ya cika. A iPhone abin ya fi matsewa, gigabait 5 ne kyautar iCloud. Ajiyar da ta yi wata da watanni ba a sabunta ta ba kuma Google yana iya share ta, shi kansa asusun Google da ya yi shekara biyu ba a shiga ba ana iya rufe shi.

A nan tsohuwar waya ce madogara. Lokacin da aka yi rajistar lambar a sabuwar waya, tsohuwar ta fita daga asusun, tana nuna cewa lambar ba ta da rajista a cikinta. Saƙonnin ba su goge ba, an rufe su ne kawai. Idan aka sake tantance wannan lambar dai a tsohuwar wayar, hirarraki sukan bayyana yadda aka bar su, sabuwar wayar kuma ta fita. Ba lallai sim ɗin ya koma cikinta ba, ya isa a karanta lambar tantancewar daga wayar da yake ciki. Daga nan akwai hanya biyu: a yi sabuwar ajiya zuwa asusun da ke da wuri, ko a bi Settings > Chats > Transfer chats. Ta biyun ta fi, a ra'ayina. Ana saka WhatsApp sabo a ɗaya wayar, a ɗauki hoton lambar QR da za ta nuna da tsohuwar, komai ya wuce kai tsaye daga waya zuwa waya ba tare da ya bi ta Google ba.

A wayoyin Android akwai kuma ajiyar cikin gida da manhajar take yi da ƙarfe 2 na dare, a wannan folda:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Databases
```

Fayilolin suna farawa da msgstore. Kwafe foldar WhatsApp gaba ɗaya zuwa kwamfuta kafin wani gwaji dabara ce mai kyau, ko don hotunan da ke ciki. Amma kada a ɗora rai a kan dawo da hira ta wannan hanya, a sababbin Android ba kullum take ci ba, kuma fayilolin a kulle suke, ba a karanta su haka nan. Shafuka da manhajojin da ke alkawarin buɗe su ko dawo da gogaggun saƙonni idan ka ba su lambar tantancewarka, asusunka suke nema.

Iyaka guda da babu dabara a bayanta ita ce ajiyar da aka kulle da End-to-end encrypted backup, wadda aka fito da ita a 2021. Mai ita ya zaɓi kalmar sirri ko makulli mai lamba 64. Idan allon Restore ya nemi wannan kuma an manta, WhatsApp ba shi da shi, Google ma ba shi da shi. Sai dai idan tsohuwar waya tana nan kuma ana iya shiga, a canza kalmar daga cikinta a yi sabuwar ajiya. Wannan daban yake da lambar sirri mai lamba 6 ta Two-step verification, mutane suna yawan saka ɗaya a madadin ɗaya.

Sabon layi, da ƙetarawa tsakanin Android da iPhone

Wanda ya yi rajistar sabon layi a sabuwar waya, sabon asusu ya buɗe, shi ya sa ko zaurukansa ba zai gani ba. Hanyar da ta dace ita ce Settings > Account > Change number a wayar da hirar take, sannan a yi sabuwar ajiya, sannan a ƙaura. Jerin yana da muhimmanci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: Change number sabon layin kawai yake tura wa lambar tantancewa. Ko da tsohon sim ya mutu, muddin WhatsApp ɗinsa yana buɗe a tsohuwar waya, ana iya yi. Amma idan sim ya mutu kuma an riga an cire manhajar, ajiyar takan maƙale, tunda lambar tantancewa ba za ta shigo layin ba. Kada a yi jinkiri, domin kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da aka daina amfani da shi, WhatsApp kuma yakan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a hau ba.

Tsakanin Android da iPhone kuwa, ajiya ba ta ƙetarawa. iPhone ba ta karanta ajiyar Google Drive ko da ka shiga Gmail ɗinka a cikinta, Android ba ta karanta ta iCloud. Akwai hanyar ƙaura ta musamman: manhajar Move to iOS ga mai komawa iPhone, kebul ga mai komawa Android. Galibi a lokacin saita sabuwar wayar daga farko ake yin su, don haka wanda ya riga ya saita tasa yakan koma ya share ta ya fara daga tushe, tsohuwar wayar kuma dole tana hannu.

Wuraren da ake shiga da imel

Mu koma gida na farko. Ka shiga wani shafi ko manhaja, an yi maka maraba kamar baƙo, jerin hirarraki babu komai. Wannan marabar ita ce alamar. Idan an tambaye ka sunanka, ko an nuna maka yadda ake amfani da manhajar, ko an turo maka imel na barka da zuwa, to sabon asusu aka buɗe maka yanzu. Yawancin shafuka ba sa bambanta shiga da rajista a maɓallan Continue with Google da Continue with Apple: idan sun san adireshin su shigar da kai, idan ba su sani ba su ƙirƙira maka sabo, shiru.

Hanyoyin da hakan ke faruwa ba su da yawa. Burauza mai asusun Google biyu, na aiki da na kai, ta zaɓi na farko a jeri. Ko kuma batun ɗigo: Gmail ba ya kula da ɗigon da ke cikin adireshi, duk saƙon da aka aika da ɗigo ko babu akwati ɗaya yake faɗawa, amma shafuka da yawa suna ɗaukarsu adireshi biyu. Sai mutum ya ga lambar tantancewa ta shigo akwatinsa, ya sakankance ya shiga daidai, alhali asusu na biyu ne. Mafi ɓoyuwa shi ne na Apple. Wanda ya yi rajista da Sign in with Apple ya zaɓi Hide My Email, shafin bai taɓa sanin adireshinsa na gaske ba, wani adireshi ne na haruffa barkatai aka ba shi mai ƙarewa da:

```
@privaterelay.appleid.com
```

Ranar da ya hau kwamfuta ya rubuta imel ɗinsa na gaske, shafin bai san shi ba.

Binciken ba shi da wuya. Ka buɗe kowane akwatin imel da kake da shi, ka nemi sunan shafin, ka duba saƙo mafi daɗewa, sannan ka duba layin To ka ga ainihin adireshin da aka aika wa, da ɗigonsa da komai. A Google, shafin myaccount.google.com/connections yana lissafa duk inda ka shiga da wannan asusu, ka duba shi a kowane asusunka. A iPhone, cikin Settings ka danna sunanka ka nemi Sign in with Apple. Idan wata na'ura tana nan a shige da hirarrakin, ka buɗe bayanan asusu a cikinta ka karanta adireshin, kuma kada ka fita daga can sai ka yi nasara a nan. Bayan ka gano, ka fita daga sabon asusun, ka buɗe tagar sirri ta burauza don kada ta sake zaɓa maka, ka shiga ta hanyar da ka yi rajista tun asali. Kada ka sa ran za a haɗa maka asusun biyu, shafuka kaɗan ne suke yi. Idan kuwa imel ɗin na makaranta ne ko wurin aiki da ka bari, hirar tana ƙarƙashin ikonsu, su kaɗai za su iya buɗe maka.

Akwai keɓantattu biyu ko a wannan gidan. Secret Chat na Telegram a na'urar da aka fara shi kaɗai yake zama, ba ya bin asusu. Messenger kuma, tun da ya fara kulle hirarrakin mutum da mutum a Disamba 2023, yana neman lambar sirri ta Secure storage kafin ya nuna tsofaffin saƙonni a sabuwar na'ura, wanda ya tsallake ta zai ga giɓi.

Kafin ka yanke cewa ta ɓata

Wani lokaci waya ba ta canza ba, imel bai canza ba, hira ɗaya ko biyu ne suka yi layar zana. Ka rubuta sunan mutumin a wurin bincike. Ka leƙa Archived. Ka ja jerin hira ƙasa ka ga ko Locked chats zai fito, idan an sa masa lambar ɓoyewa sai an rubuta ta a wurin bincike yake bayyana. Ka duba ko wayar tana da asusun WhatsApp biyu kana kan ɗayan, ko kuwa WhatsApp Business ka buɗe, ko kwafin manhajar da wasu wayoyi suke yi don layi na biyu. Idan a kwamfuta ne ka rasa tsofaffin saƙonni, na'urar da aka jona ta Linked devices ba dukkan tarihi take karɓa ba, cikakken yana waya. Sai kuma alamar agogo a jikin hoton mai hirar: wannan Disappearing messages ne, na awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Abin da ya tafi ta nan ya goge a wayoyin ɓangarorin biyu, canza asusu ko imel ba zai dawo da shi ba, sai fa saƙon da ɗayanku ya riga ya danna wa Keep.